Takardar Inna Kubra zuwa Sara

A zamanin da tafiya daga Birnin Kudu zuwa ƙasar Gwaram sai da guzuri, an yi wani mutum mai suna Malam Abdulsalami. Ba babban malami ba ne. Manomi ne mai kyawun rubutu, yana haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, ya fiƙe alƙalaminsa na gamba. Wanda ke da saƙo ya zo zaurensa, ya faɗi, ya rubuta masa. An san shi da rashin katse mai magana.

Wata damina, wata tsohuwa da ake kira Inna Kubra ta dogaro sanda ta zo. Ƙanenta Bappa, mai fataucin kanwa, yana biye da ita. Ta ce an yi rasuwa a garin Sara, can ƙasar Gwaram, kwana huɗu ke nan, ƙafarta ba ta kai ta, ga kogi ya kawo. Tana son takarda ta isa kafin sadakar bakwai, jama'a ba su watse ba.

Malam bai san mamacin ba, amma ya saba da irin wannan. Ya yi bisimilla da salati, ya rubuta daga wance zuwa ga mutanen gidan, gaisuwa da aminci, bayan haka mu na Allah ne kuma gare Shi za mu koma. Sannan ya ɗaga kai.

“Inna, sunan mamacin?”

Ta dubi ƙasa. “Wancan dai.”

Malam ya ɗauka wani ɗan'uwa ne na nesa da sunansa ya ɓace mata. Ya cika da addu'ar da ake yi wa kowa, ya karanta mata. Ta ce, “Malam, wannan ai ko ga baƙon kasuwa an aika.”

Bappa ya yi gyaran murya. “Allah gafarta Malam, Dabo ne. Ɗanta na fari. Kai ma ka ce ta kama suna!”

Alƙalami ya tsaya. A danginsu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta hira da shi, ba ta nuna shi nata ne. Tun daga yaye aka ba da Dabo riƙo a Sara. Matarsa Turai ba ta taso cikin wannan al'ada ba, ta daɗe tana cewa surukarta ba ta ƙaunar mijinta. Bappa ya ce in ta fita takaba, wata huɗu da kwana goma, gidansu za ta koma da yara uku, Inna ba za ta ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Takarda a lokacin sai fatake sun kawo daga Kano, ba a ɓarnarta. Duk da haka Malam ya ajiye ta farko, ya ɗauko sabuwa.

“Inna, ban san shi ba. Ba ni labarinsa.”

“Ni ina na san shi?” Ta gyara riƙon sandarta. “An dai ce ba ya shan fura in ta yi tsami.”

Malam ya tsoma alƙalami a tawada. Can ta ci gaba. Wancan yana da tabon lauje a hannun hagu. In ya zo garin, takan gane takunsa tun daga ƙofa, sai ta shige ɗaki. Shekara ashirin da ɗaya daddawar da Bappa ke kai wa gidansa ita ke yi, ta hana a faɗa. Har rana ta karkata tana magana.

Ya rubuta addu'o'in da Larabci, abin da ta faɗa kuma da ajami don mata su ji da kunnensu. Ya sa sunan Dabo da kansa, tunda hannunsa ba bakinta ba ne. Da ya zo karanta mata, ya tsallake sunan.

Ta ce, “Kada ka sa kalmar ‘ɗana’.”

“Ban sa ba, Inna.”

“To, bar ta haka.”

Bappa ya naɗe takardar a fata, ya ɗora a ka ya haye kogi. Ranar bakwai liman ya karanta ta a zaure, aka shafa fatiha, sannan ya matsa jikin zana ya maimaita wa mata. Da aka zo kan daddawa, Turai ta ce a sake karanta wurin.

Bayan girbi ta fita takaba. Kafin ta nufi gidan iyayenta, sai ta biyo Birnin Kudu da yaran, ta yi wata guda, ta bar wa tsohuwa ta tsakiyar, Safiyatu. Jika kuwa ba a kunyarta. Maƙwabta sun ce tun daga asuba ake jin Inna Kubra tana ƙwala mata kira, ko ba aiken komai.