Alkakin Iya a Takarda

Ni ce na kusa raba kakata da sana'arta, kuma da wasiƙa guda na yi wannan aika-aika.

Iya muke ce mata. A Mainika take, ƙasar Gwarzo, kuma a duk karkarar nan idan aka kai garar amarya babu alkakin Iya a ciki, dangin ango sai sun yi gunaguni. Ba ta da gona, ba ta da awaki masu yawa. Abin da take da shi hannu ne, kuma ta san da haka. Idan aka yaba mata sai ta juya tafinta ta dube shi, ta ce, "Ba ni ba ce, wannan ne."

A shekarun tsuke bakin aljihu aka tura ni koyarwa wata makarantar 'yan mata a ƙasar Kabo, aka ba ni darasin girki. Littafin da muke bi duk kek ne da biskit, ga fulawa ta yi tsadar da ko a mafarki makaranta ba za ta saya ba. Sai shugabarmu ta kira ni ta ce masu duba makarantu na nan tafe, in koyar da wani abu na gida, amma da awo, a rubuce a allo, kamar yadda ilimi ya tanada. Ni kuwa da rawar kai na ce alkaki. Ai jikar Iya ce ni. Ban tsaya na tuna cewa iyakar abin da na taɓa yi wa alkaki shi ne ci ba.

Makarantar kwana ce, ba a fita sai ƙarshen wata, don haka na zauna na tsara wasiƙa. Har yau ina jin kunyar yadda na rubuta ta. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, na ce ina buƙatar cikakken bayanin alkaki: alkama kwano nawa, mai gwangwani nawa, nono ludayi nawa, kanwa kamar yaya, sukari nawa, da abin da ake fara yi da abin da ke biye. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wata jimla: kada a ce mini "daidai misali", ina son awo na gaskiya. Na ba direban da ke zuwa cin kasuwar Gwarzo.

Iya ba ta karatun boko. Mai karanta mata wasiƙa maƙwabciyarta ce, wata malamar firamare 'yar kudancin Zariya, kamar yadda ake cewa a lokacin, wadda kowa ke kira Madam. Mace ce mai tsare gaskiya har ta gundure ka. In ka ce ta rubuta uku, ba za ta rubuta uku da ɗan ƙari ba ko za a yanka ta.

Amsa ta zo mini ranar kasuwa ta gaba, da rubutun Madam mai kyau kamar na inji. A wanke alkama kwano ɗaya, a shanya, a ɓarza ta kada ta yi laushi. A zuba man gyaɗa gwangwanin madara huɗu a murje. A kwaɓa da nono mai tsami ludayi uku da ɗan ruwa, da tauri, a rufe ya kwana. Da safe a jiƙa kanwa cikin cokali biyu, a tace ruwan a zuba, a kirɓa a turmi har ya yi danƙo. A murza, a naɗa, a soya a wuta marar ƙarfi, a tsoma a sukarin da aka dafa da ruwan tsamiya. Na karanta na ji kaina ya yi girma. Abin da Iya ta yi shekara da shekaru tana wa mutane yanga da shi, ga shi a rabin shafi.

Ranar darasi na cika allo da awo. Mai dubawa wani dattijo ne mai tabarau, ya zauna a baya yana gyaɗa kai. Ɗalibai suka naɗa alkaki, ko da yake tun a hannu yake ɗan tsinkewa, na ce musu haka yake. Na saka na farko a mai. Ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya warware, ya watse, ya zama tsaki. Na saka na biyu, ya bi ɗan'uwansa. Kafin na biyar kaskon ya koma kamar an zuba yashi a mai. Wata ɗaliba mai bakin tsiya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, dambu muke yi?" Dattijon ya ɗanɗani ɓurɓushin, kanwa ta gaishe shi, ya nemi ruwa, ya rubuta wani abu mai tsawo a littafinsa.

Ƙarshen wata na shiga mota da takardar a jaka da faɗa a baki. Tun daga Kabo nake shirya abin da zan gaya wa Iya. Na tabbata da gangan ta ɓoye mini wani sirri don kada in gaje ta tana da rai.

Madam na fara cin karo da ita a ƙofar gida. Ta riƙe hannuna ta ja ni gefe.

"Malama, ki shiga a hankali. Mama ba ta soya alkaki ba tun ranar nan."

"Wace rana?"

Sai ta ba ni labari. Wasiƙata ta zo daidai lokacin da aka kawo wa Iya aikin garar wata yarinya. Madam ta ce to ga dama, ta ɗauko gwangwanin madara da cokali ta zauna kusa da ita, duk abin da Iya za ta zuba sai an fara auna shi. Da yamma aka rufe kwaɓin, Iya ta faɗi sauran bayanin da baki, direba kuma yana ta matsa hon zai koma, sai aka ba shi takardar. Washegari aka sa kanwar da aka auna, aka kirɓa, aka soya. Abin da ya faru da ni a gaban mai tabarau shi ya faru da Iya a gaban matan biki. Ala tilas aka aika Gwarzo aka sayo na kasuwa aka cika garar.

"Amma ni dai abin da ta zuba na rubuta," in ji Madam, kamar za ta yi kuka. "Mai ma da farko gwangwani ɗaya ta zuba. Da ta ga na rubuta sai ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce, ɗaya? Ta ƙara. Ta sake ƙarawa. Kanwar ma haka."

Na shiga. Kaskon suyarta na kife a bayan ɗaki, kaji na hawa. Iya na zaune a tabarma tana tsinke zogale, ta rame a idona. Faɗan da na ɗauko daga Kabo ban san inda ya zube ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ciki-ciki, ta tambayi hanya da aiki da mutanen makaranta, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta ce:

"Ina takardar?"

"Ga ta, Iya."

"Kawo. Hannuna yana ciki."

Na ce wane irin hannu kuma. Ta ce tun tana budurwa take alkaki bai taɓa watse mata ba, sai ranar da aka kwashe abin da ke hannunta aka zuba a takarda aka sa a mota. Mata biyu sun kawo aiki ta mayar da su. Ba za ta sake tsayawa gaban mutane tana kwasar tsaki a mai ba.

"Iya, ba hannunki ba ne. Mai ne ya yi yawa. Me ya sa kika zuba har huɗu?"

Ta harare ni. "Ke ja'ira, so kike takarda ta shiga gari, manyan malamai su karanta, su ce kakar malama da gwangwani ɗaya take alkaki? A wannan zamanin da kowa ke ƙoro, ni ma a sa ni a cikinsu? Don kada a raina ki na ƙara."

Na yi bayani har na gaji, cewa mai in ya yi yawa kwaɓi ba ya kama jikinsa. Ta ce ta san wannan tun kafin a haifi ubana. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda hannunta ya yarda ya zuba, shi da bai taɓa yi mata gardama ba.

Ta sa aka kawo ƙwarya da ruwa, ta tsoma takardar, wai za ta wanke rubutun ta sha abinta ya koma inda ya fito. Biro ne. Ta cuɗa, ta murza, rubutun Madam na nan daram yana kallonta. Ta ce, "Ku 'yan boko har tawadarku taurin kai gare ta." Ta shanya takardar a kan danga.

Na ga in na tafi a haka, kaskon nan ya kifu ke nan. Na fita na sayo alkama da mai na ajiye a gabanta, na ce na makaranta ne, in ban koma da alkaki ba za a kore ni. Ƙarya ce, kuma ta san ƙarya ce, amma ta ba ta hanyar tashi. Ta kafa sharaɗi: babu gwangwani, babu cokali, babu Madam, ni ma in juya baya. Haka na zauna ina fuskantar garu ina jin motsin kwanuka kamar wadda aka sa wa horo.

Da safe ta kirɓa, ta naɗa, ta jera a faifai. Ta ciro takardar daga danga, ta bushe ƙamas, ta cusa ta a murhu ta hura wuta da ita. Mai ya yi zafi. Ta ɗauki alkaki na farko, ta kai shi bakin kasko ta dawo da shi, abin da ban taɓa gani ba. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da wasiƙata mai layi biyu. Ta sake shi a mai, ta kawar da kai gefe, ta rufe ido.

"Ke," ta ce a hankali, "duba mini."

Na leƙa. Yana nan a naɗe, yana ƙananan tafasa, gefensa ya fara ja.

"Ya riƙe, Iya."

"Kada ki yi mini ƙarya."

"Wallahi ya riƙe."

Ta buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Ta daɗe tana kallonsa. Ta sa bakin zane ta share fuska, ta ce hayaƙi ne. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki na biyu, ta ce in matsa in ba ta wuri, in kuma aika a gaya wa matan nan biyu su dawo da alkamarsu.