Baba Uku-Bisa-Huɗu da Kwaɗin da Aka Sallama

Na dawo gida da shakka cike da akwati. A inda na yi karatu, in ka ce lamba kaza ce ke ɗaure nauyin dabba da yawan kuzarin da jikinta ke ƙonawa, sai a tambaye ka wace dabba, a wane zafi, ta ci ko ba ta ci ba, kuma da me ka auna. Har na gama ban taɓa jin na riƙe amsar a hannu ba. Wasu lokutan ina zargin ko karatun ne ya raba ni da iya cewa i ko a'a. Saboda haka da na kama aiki a sashen nazarin dabbobi, aka haɗa ni ofis da mutumin da bai taɓa yin shakka ba, sai na zuba masa ido kamar yadda mai ciwon ciki ke kallon mai cin abinci da daɗi.

Ɗalibai na kiransa Baba Uku-Bisa-Huɗu, ya sani, kuma yana amsawa. Ɗan tela ne, ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa tef ɗin awo, kuma yakan ce tun a shago ya gane cewa ƙaton mutum ba ya cin yadi daidai da nauyinsa. A shekararsa ta biyu a jami'a ya buɗe wani littafi ya ga layi ɗaya miƙaƙƙe da aka jera dabbobi masu shayarwa a kansa, daga ɓera har giwa. Daga ranar ya sami abin riƙo. Zanen yana nan manne a bangon ofishinmu sama da kabad ɗin kwalabe, ya yi ruwan ƙasa, giwar ma ta kusa gogewa.

Abin da layin ke cewa ba shi da wuya. Babbar dabba tana ƙona kuzari fiye da ƙarama, amma ba daidai da girmanta ba. A lissafi ana rubuta nauyin dabba a ɗora masa wata 'yar lamba a kafaɗa, wadda muke kira b, ita ke nuna yadda kuzari ke bin nauyi. In b ɗaya ce, dabbar da ta ninka wata sau goma sha shida a nauyi za ta ninka ta sau goma sha shida a ƙona kuzari. In uku bisa huɗu ce, sau takwas kawai. Hanyar samo ta kuwa ita ce a mayar da nauyi da kuzari duka zuwa logaridim, wato lissafin da ke ƙidaya ninki maimakon ƙari, a zuba ɗigogin a takarda, a ja layin da ya fi dacewa da su. Hawan wannan layin shi ne b.

Baba ya koyar da wannan fiye da shekara talatin, kuma a iya sanin sashen ba a taɓa samun ɗalibinsa da lambarsa ta kauce ba. Kyankyasai, uku bisa huɗu. Ƙadangaru, uku bisa huɗu. Kifin da aka sayo a kasuwa rabinsa a mace, uku bisa huɗu. Matarsa, wadda takan kawo masa abinci ofis a kula, ta ce min a gida ma haka yake raba nama. Babban ɗansu ya ninka autan a jiki, amma ba ya samun ninki, wai kimiyya ta hana.

"Shi kuwa nasa kason ba ya bin dokar," in ji ta. "Shi giwa ne mai cin kason ɓera."

A shekarar da na zo yana da ɗaliba ɗaya ta digiri na biyu, malamar sakandare ce mai 'ya'ya uku, da aka ba hutun karatu. Hutun na ƙarewa a ƙarshen zangon. In ba ta kare rahotonta ba kafin lokacin, za ta koma aji hannu rabbana, kuma ba za a sake ba ta wani hutun ba. Masu shara suka sa mata Uwar Kwaɗi, don kullum tana shigowa da bokiti mai murfi yana motsi.

Aikinta tsaf yake. Kwaɗi arba'in na jinsi ɗaya ta kama a wani tafki, daga mai giram uku har mai ɗari da hamsin. Tana hana su abinci kafin awo, domin narkar da abinci na ɗaga kuzari. Tana ajiye su a zafi ɗaya, domin kwaɗo jikinsa na bin zafin wuri. Sai ta rufe kowanne a kwalba daidai girmansa, ta lulluɓe da baƙin kyalle, ta bar shi ya huta, sannan ta auna iskar oksijin da ya sha. Da ta gama ta kawo min lambobin, tunda ni ne mai kwamfutar da ba ta tari.

Layin ya fito da kyau, hawansa 0.84. Kowace irin wannan lamba tana zuwa da tazararta, wato iyaka biyu da muke da ƙwarin gwiwar cewa gaskiyar na tsakaninsu. Tata daga 0.78 zuwa 0.90 ce. Uku bisa huɗu, wato 0.75, tana waje. Na gaya mata ba abin kunya ba ne. Layin Baba na jinsuna daban-daban ne masu ɗumin jini, nata kuwa jinsi ɗaya ne mai sanyin jini, kuma a irin waɗannan samun lamba sama da 0.75 ba sabon abu ba ne. Ma'anarsa ga tafkin da take nazari ita ce, kwaɗon da ya ninka ɗan'uwansa sau goma sha shida yana ƙona kusan ninki goma, ba takwas ba. Wanda ya yi lissafin abincin manyan kwaɗi da tsohuwar lambar zai rage musu kaso.

Ta ce, "Dokta, kai za ka gaya masa ko ni?"

Ita ta gaya masa, ina zaune a teburina. Baba ya ɗaga tabarau, ya kalli takardar, ya ɗauko jan biro.

"'Yata, waɗannan manyan na sama, ba su natsu ba. Dubi yadda suka haye layi. Kwaɗon da ke tsalle a kwalba ai ba hutu kika auna ba."

"Baba, a lulluɓe suke. Na leƙa, ko motsi ba sa yi."

"Natsuwa a zuci take. Cire su." Biron ya sauko ƙasa. "Waɗannan ƙananan kuma da suka faɗi ƙarƙashi, ba su da lafiya."

"Lafiyarsu ƙalau, ɗaya ma ya tsere min jiya."

"Gudun asibiti ya yi."

Na sa baki a hankali. Na ce cire dabbar da ta yi motsi daidai ne, amma ana yanke wannan hukunci ne a gaban kwalba, kafin a ga lambarta. Ya juyo ya dube ni da tausayi.

"Ɗana, kun je can an koya muku tsoro. Doka doka ce. Kwaɗo ne zai gyara ta?"

Ya ce ba zai sa hannu ba sai layin ya dawo hayyacinsa. Ba tare da sa hannunsa ba kuwa babu zama gaban masu jarrabawa. Uwar Kwaɗi ta tsaya a baranda tana kallon bokitinta, daga baya ta dawo ta ce in cire mata su. Goma sha huɗu aka sallama, manya da ƙanana, aka bar 'yan tsakiya masu giram ashirin zuwa saba'in. Lambar ta sauka 0.75 cif. Amma da aka rage kwaɗin aka kuma matse bambancin nauyinsu, layin ya rasa madogara a gefe biyu, tazarar ta buɗe daga 0.55 har 0.95. Wannan ƙofa ce da uku bisa huɗu za ta shiga, biyu bisa uku ta shiga, 0.84 ɗin da aka kora ma ta shiga ta zauna.

"In rubuta tazarar?" ta tambaye ni.

Na ce rahoto ba ya cika sai da ita.

Ta yi ɗan murmushi. "Baba ba ya karanta abin da ke bayan lambarsa."

Bai karanta ba. Ya sa hannu har da yi mata addu'a.

Ranar karewa aka kawo farfesa daga wata jami'a a matsayin baƙon mai jarrabawa, mutum mai furfura da ƙaramar murya. Da ya shigo ɗakin taro sai ya rusuna ya gaida Baba, ashe tsohon ɗalibinsa ne. Baba ya gyara zama kamar mai shirin karɓar kyauta. Uwar Kwaɗi ta yi bayaninta, fanka na kaɗa kusurwar allon majigi. Farfesa ya bar ta ta gama, sannan ya buɗe shafin zanen.

"Malama, a babi na uku kin ce kin kama daga mai giram uku zuwa ɗari da hamsin. Nan ina ganin 'yan makaranta kawai. Ina jarirai, ina dattawa?"

Ta dubi Baba, ta dubi ƙasa. "Ranka ya daɗe, an sallame su."

"Laifin me?"

"Manyan rashin natsuwa, ƙananan rashin lafiya."

Wani a bayan ɗakin ya yi tari mai kama da dariya. Farfesa bai ɗago ba.

"Nawa?"

"Goma sha huɗu."

"Kin fi ni. Ni a zamanina kyankyasai tara na zubar." Ya juya shafi. "Wannan tazarar da kika rubuta, me take gaya mana?"

"Tana cewa ban san komai ba, ranka ya daɗe. Da su duka kuwa 0.84 ce, daga 0.78 zuwa 0.90."

"To me ya sa lambarki ta fi ta ɓera da giwa?"

Nan ta saki jiki. Ta yi maganar jinsi ɗaya da jinsuna da yawa, ta yi ta sanyin jini, ta ce kuma ƙananan kwaɗinta masu girma ne manyan kuwa sun balaga, don haka ba za ta rantse cewa nauyi kaɗai ne ke aiki ba. Ta ce tafki ɗaya ne da zafi ɗaya, ba ta rushe dokar kowa ba. Farfesa ya rubuta hukunci: ta ci, da sharaɗin a dawo da kwaɗin duka a sake rubuta babin fassara. Gyaran baƙon mai jarrabawa ba a musunsa, kuma mai duba ɗaliba ne ke sa hannu cewa an yi. Baba ya sa, da jan biron nan, kafin hutunta ya ƙare.

Na zaci abin zai taɓa shi. Washegari na same shi a ofis yana gaya wa wani sabon malami cewa ɗalibarsa ta gano jinsin kwaɗi mai taurin kai, kuma shi ya ba ta ƙwarin gwiwar bayyanawa. Game da Farfesa kuwa ya ce tun yana yaro hannunsa ke rawa a kan sikeli. A kan teburinsa akwai takardar sabon ɗalibi mai aikin dodon koɗi, ɗigo biyar an riga an zagaye su da ja.

Da sabon malamin ya fita na jawo kujera kusa. Da gaske nake son sani, ba don tsokana ba.

"Baba, kai da ba ka shiga ɗakin awo, ta yaya kake gane dabbar da ta natsu?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Ai da sauƙi, ɗana. Sai na ga inda ta faɗo a kan layi."