Buhu Tamanin da Tara

Hutun da na dawo Potiskum daga kwalejin horon malamai, damina tana ƙofa. Kullum da rana sai hadari ya taso ta gabas, ya yi duhu, mutane su kwashe shanya, sannan ya watse ba ko ɗigo. Gidanmu kowa a tsaye yake, domin Kawu ya karɓi aikin ɗaure rijiyoyi a Gadaka, kuma siminti buhu ɗari da arba'in yana jibge a rumfar da yake awon gyaɗa da kaka. Idan ruwa ya sauka sosai za a rufe hanya, siminti kuwa ko danshi ba ya so.

Mota ɗaya Kawu yake da ita, babba, mai bodin katako. Yayana ne yake tuƙa ta. Shekara bakwai ya yi yana karen mota kafin ya samu lasin, kuma mukullin motar nan shi ne abin da yake riƙe iyalinsa da shi. Ranar da nake ba da labari, kafin hantsi mukullin ya bar hannunsa.

Ina ɗaki ina karatu na ji murya ta tashi a ƙofar gida. Na rufe littafi, na buɗe, na sake rufewa. Daga baya aka aiko wai Kawu yana kira na.

Na same shi tsaye a gaban rumfa, yana kaɗa mukulli a yatsa. Yaya yana tsugune a inuwar mota, ya juya baya. Ga birkilan da zai yi aikin da leburansa, ga karen mota, ga 'yan dako huɗu da shugabansu, wani dogon Bangizime wanda Hausarsa ba ta damu da mace ko namiji ba.

"Zo nan, malamin boko," in ji Kawu. "Wannan yayan naka ya ce motata ba za ta ɗauki buhu ɗari da arba'in ba. Wai sai dai sawu biyu. Sawu biyu, da wannan hadarin! Na ce in ya gaji da tuƙi, akwai direbobi a tasha suna hamma. Karanta mini abin da Turawa suka rubuta a jikin ƙofa."

Layi biyu ne da farin fenti a ƙasan ƙofar direba. Na sunkuya. Kawu ya sa sandarsa a kan na ƙasa.

"Wannan, mai babbar lamba."

"Tan takwas da rabi," na ce.

"To! Tan ɗaya buhu nawa ne?"

"Ashirin."

"Ashirin sau takwas da rabi?"

"Ɗari da saba'in."

Ya juya ya dubi jama'a kamar wanda ya ci shari'a. "Kun ji. Har da sauran wurin talatin. A fara lodi!"

Duk amsar da na ba shi daidai ce. Amma layin sama yana nan, na gan shi, ya ce tan uku da rabi, kuma na san ma'anarsa: nauyin motar ke nan ba kaya. Na ƙasa kuwa shi ne iyakar nauyinta duka, ita da abin da ke cikinta. Abin da aka yarda ta ɗauka shi ne tsakanin biyun, tan biyar. Na buɗe baki, sai Kawu ya riga ya juya yana yi wa 'yan dako tsawa. Ni kuwa tun ina ƙarami ban taɓa tare numfashin babba ba. Yaya ya waiwayo ya dube ni sau ɗaya.

Aka fara lodi. Shugaban 'yan dako yana ƙirga da ƙarfi, suna amsawa. Na koma gindin rumfa, na kasa zama. Na shiga gida na sha ruwa, na fito. Na ɗauko alli daga aljihu na fara rubutu a jikin ƙyauren rumfa, don hannuna ya samu abin yi.

Buhun siminti laba ɗari da sha biyu ne. Tan biyar, buhu ɗari cif. Amma ba siminti kaɗai zai hau ba. Mutum biyar ne za mu tafi: direba, karen mota, birkila, leburansa, da ni, domin na roƙa a tafi da ni, ban taɓa ganin Gadaka ba. Na ba mu laba ɗari bakwai gaba ɗaya. Duron fetur na hanya, cike, ɗari uku da saba'in. Jak, shebur, bokitai da katakon tare taya, ɗari da hamsin. Na haɗa, dubu ɗaya da ɗari biyu da ashirin, wato nauyin buhu goma sha ɗaya saura kaɗan. Na cire daga ɗari. Tamanin da tara. Na goge na sake yi daga ƙasa zuwa sama, bai canja ba.

"Sittin!" in ji Bangizimen.

Abin da ya fi damuna shi ne idon kowa yana tare da Kawu. Buhu sittin jeri biyu ne kawai a ƙasan bodi. Mutanen garinmu da ido suke auna mota. Sun saba da gyaɗa, da auduga, da fatu, kayan da suke tashi har saman katako, sai an ga haka a ce mota ta cika. Siminti kuwa ƙaramin buhu ne, yana kwance kamar ba shi.

Yaya ya matsa ya leƙa ƙarƙashin mota, ya sa yatsu a jikin sifirin na baya, ƙarfen da yake ɗauke da nauyin bodi. Shi ba ya karatun boko, da wannan yake karatu.

"Ka bar shafa ta, ba taka ba ce yanzu," in ji Kawu.

"Ai sallama nake yi da ita, Kawu. Daga gangaren farko ba za mu sake ganin ta da aksul ɗin tayoyinta ba."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

"Tamanin da takwas! Tamanin da tara!"

Ban san lokacin da na isa bayan mota ba. Ɗan dako ya taho da buhu na casa'in a kafaɗa, na tsaya a gabansa, shi ma ya tsaya.

"Malam, ki matsa," in ji shugabansu. "Wannan kaya ba ta jira."

"Kawu," na ce. "Ina da tambaya."

"Yau kuma bebe ya yi magana? Tambayi."

"Buhun gyaɗa nawa motar nan take kaiwa Kano?"

"Sittin da biyar. Wa bai sani ba?"

"Tan ɗaya na gyaɗa buhu nawa ne?"

"Sha uku. Kai, ni za ka koya wa gyaɗa?"

"To sittin da biyar tan nawa ke nan?"

A lissafin gyaɗa ba wanda yake gabansa a unguwar, na ga leɓensa ya motsa. "Biyar," ya ce. "Amma ai don bodi ya cika ne. Dubi wannan, ko gwiwa bai kai ba."

"Da gyaɗa, cikar bodi da cikar nauyi tare suke zuwa, shi ya sa ido bai taɓa yaudarar kowa ba. Siminti nauyinsa yana cika tun bodi yana fili." Na nuna masa layin sama, na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun farko. "Takwas da rabin nan har da ita motar kanta. Laifina ne, rabin rubutun na karanta."

Birkila ya yi tari. Kawu ya dubi sama, inda hadari ya fara haɗuwa, ya dubi mota.

"A kawo sikeli."

Aka jawo sikelin gyaɗa daga cikin rumfa, aka kaɗe shi. Ɗan dakon nan ya sauke buhunsa a kai. Kawu da kansa ya tura ƙarfen awon, ya kira ni in karanta, sannan ya kira karen mota, wanda ya ɗan san lamba, ya sake karantawa, tunda ni na riga na nuna ina karanta rabi. Ɗari da sha biyu.

"To ɗari ke nan," in ji Kawu. "A cika ɗari."

Na kai shi gaban ƙyaure na nuna masa alli: mutane, duro, kayan aiki. Ya bi layi ɗaya ɗaya da sandarsa. Da ya zo kan mutane ya ce a auna su. Birkila ya ce shi ba gyaɗa ba ne, kuma ko ranar aurensa ba a auna shi ba. 'Yan dako suka fashe da dariya. Kawu bai yi ba.

"Tamanin da tara," ya maimaita, kamar yana tauna tsakuwa. "Wace irin lamba ce wannan? Ko a kasuwar shanu ba a tsayawa a tara. A sa casa'in."

Na san ba buhu ɗaya yake nema ba. A gaban 'yan dako ɗan ƙanwarsa ya gyara masa magana, dole kalmar ƙarshe ta zama tasa. Mukulli kuma yana hannunsa har yanzu. Amma casa'in ya haura da laba ɗari, ni kuwa na kasa cewa bai haura ba. Na dubi ƙyaure, na dubi sikeli, sai na cire takalmi na hau.

Karen mota ya karanta. "Ɗari da ashirin."

"Idan na zauna a gida, casa'in zai shiga," na ce. "Har da rarar laba ashirin."

"Ashe malam duka-duka buhu ɗaya ce da kaɗan," in ji Bangizimen. Wannan karon har gemun Kawu ya motsa.

"Kun ji, casa'in na ce, casa'in za a sa," in ji shi. Bai dubi Yaya ba. Ni ya miƙo wa mukullin. "Kai wa wancan mai taurin kan. Ka ce masa ya juyo yau, gobe da sassafe ya kwashi hamsin ɗin da suka rage. In ruwa ya tare shi, shi ya sani."

Taku huɗu ne tsakaninsu, amma na kai. Yaya ya karɓa, ya hau bodi ya sa aka baje jerin sama daidai, kada nauyi ya taru a baya, aka ja tamfol aka ɗaure. Ya sauko ya sake leƙa sifirin. Da zai shiga mota ya ce mini a hankali, "Gobe in an ce ka karanta, ka fara daga sama."

Suka tashi. Na tsaya a bakin hanya ina duban hadari, ina duban ƙyaure, na sake bin lissafin ko na manta wani abu. Na tuna tamfol ɗin ban sa shi a lissafi ba, kuma ya fi laba ashirin. Na yi ta kai da kawo a ƙofar gida har la'asar sakaliya, lokacin da na ji ƙarar motar daga kudu, bodi wayam, Yaya yana danna ham tun daga nesa.

Ban faɗa wa kowa zancen tamfol ba. Washegari kuwa buhu hamsin ne kawai, wuri ya samu, na hau.