Madalla Ba Amsa Ba Ce

Ni ne wawan labarin, ban musa ba. Na gama yi wa manoman Damagaram Takaya bayanin sabon irin gero, sai na tambayi shugabata a gaban jama'a, "Yaya kika gani?" Sa'ar ɗiyata ce, me za ta ce da mai furfura? "Madalla, Baba."

Madallar nan ta hana ni zama. Ba wanda ya karɓi irin, ga manoman Takieta na jirana gobe. Na bi ta har buro, wato ofishinta, mu biyu kawai.

"Ɗiyata, ajiye kunya. Daga ina suka daina saurarena?"

"Tun da ka juya musu baya kana hira da allo."

"Ilimi fa nake rubutawa!"

"To, Baba, allon ya karɓi irin?"