Rabin Bangon Rabah

Lauwali mai yaɓe, mutumin Wurno, ya tsufa yana gyaran aikin wasu. In damina ta ci zanen bangon tsohon soro, shi ake kira. Bai taɓa yarda da siminti a kan ginin ƙasa ba, domin yana tsare danshi a ciki, ran da zai ɓalle kuma ya tafi da zanen gaba ɗaya. Laso yake haɗawa: katsi, wato dagwalon gindin marina, gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan saiwar dafara mai yauƙi. Yakan shafa kaɗan a gefe ya jira ya bushe, don ɗanyen yaɓe ya fi busasshe duhu, sai launi ya zo ɗaya da tsohon kafin ya taɓa bango. Sabon wurin kuma yakan bar shi ya ɗan nutse, kaurin farce, yadda mai lura zai gane gyara ne.

Abin da ke cinsa a rai shi ne duk ƙasar babu bango ko ɗaya mai zanen kansa. Masu sabon gini fenti suke so.

Bara aka kira shi Rabah, zauren gidan Malam Ja'afar, inda rabin zanen marigayi Tambari magini ya zube tun da daɗewa. Babu hoto, babu mai tuna yadda yake.

"Sa naka, Baba," in ji Malam Ja'afar. "Wa za ya ce maka don mi?"

Lauwali ya ji daɗi ƙwarai, har kunya ta kama shi. Ya jiƙa bakin tsohon yaɓen don sabon ya kama, ya shimfiɗa laso, ya shiga tayar da zanen da ya daɗe yana ajiye a kai, da yatsu da bayan cokali. Kafin la'asar ya gama, kuma ya yi kyau.

Sai aka fito da Hajiya Rahama, mahaifiyar mai gidan, wadda aka kawo gidan tana amarya zanen yana cikakke. Ta daɗe tana kallo, ta share ido.

"Haka nan yake," ta ce. "Wanga aikin Tambari na, babu abin da anka rage."

Ba haka yake ba, Lauwali ya sani, daga kansa ya fito. Amma shekarun da ya yi yana bin sawun tsofaffi sun mayar da hannunsa irin nasu. In ya bar shi, an ɗora wa mamaci abin da bai yi ba, shi ma kuma ba za a ce nasa ne ba.

Lason bai gama kamawa ba. Ya tsoma tafin hannu a ruwa, ya bi zanen ya shafe shi sumul.

Zauren yana nan, launi ɗaya, rabi da zane rabi babu. Baƙi kan yaba hannun magina na zamanin da, sannan su tambayi abin da ya hana mai gyaran ƙarasa aikinsa.