Makau Dillali Ya Sayi Sa Babu Igiya

Duk wanda ya taɓa shiga kara, wajen cinikin shanu a kasuwar Gummi, ya san Makau, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Tun yana ɗan saurayi yake dillancin shanu, har gemu ya yi fari. Taubashina ne, ɗan ƙanen innata, don haka in na tsire shi a kan tsinke babu mai kai ni ƙara.

Makau mutum ne da bai taɓa sayen abu a kuɗin farko ba. Ko likkafani ne sai ya taya. Ranar da aka yanka sadakin matarsa Hure, sai da waliyyinta ya ce masa, "Makau, ɗiya muka ba ka, ba karsana ba." Amma a sana'arsa ba shi da wasa. Ka'idarsa guda ce, kuma yakan faɗe ta da ƙarfi don baƙi su ji: mai saye ba ya miƙa kuɗi sai igiyar sa tana hannun dillali. Da wannan ya ci, ya sha, ya yi ɗaki mai kwano, har ya tura ɗansa Musbahu ƙasar Indiya karatun haɗa magunguna, don a riƙa ce masa baban dokta.

To, baban dokta ba a zama shi kyauta. Shekarar da dala ta yi fiffike, Musbahu ya bugo waya ya ce makaranta ta kafe sanarwa: wanda bai cika kuɗin zango ba kafin ƙarshen wata, ba zai shiga jarrabawa ba, sai ya maimaita shekara. Makau ya sayar da bajimin sansa da yake kiwo, ya ɗaure kuɗin, ya fara neman hanya.

Banki ya fara zuwa, can Gusau, bisa hanyar da kowa ke bi yana salati. Nan ne dala ta fi araha, kuma kuɗi kai tsaye suke faɗawa asusun makaranta, babu mai taɓa su. Sai dai an nemi takardar shiga makaranta, da ta kuɗin zango, da ta haraji, abin da Makau bai taɓa sanin yana da shi ba. Da ya haɗa su, wata yarinya mai fara'a ta ce ya saurara, akwai layi, wasu sun yi wata uku suna jira. Ya ce ko za a rage masa zuwa wata ɗaya. Ta yi dariya, ta ɗauka barkwanci yake.

Daga nan sai Sakkwato, wajen Alhaji Dalhatu mai canji. Shi ba ya tambayar takarda. Ka ba shi naira yau, gobe wani abokin huldarsa a can ya miƙa wa yaro kuɗin ƙasar. Amma farashinsa na kasuwa ne, ga ladarsa a sama. Makau ya taya, ya sake tayawa. Alhaji ya ce albarka. Makau ya tashi yana kaɗe riga, ya ce ko ɓarayin daji sun fi shi tausayi, su aƙalla ana ciniki da su.

Musbahu ne ya ce a je wajen Sa'a, wata bazawara mai shagon POS a bakin tashar Gummi, a saya masa USDT. Sa'a ta zaunar da Makau ta yi masa bayani: kuɗi ne na cikin waya, kowane ɗaya ana riƙe shi daidai da dala ɗaya. A saye shi da naira cikin wata manhajar waya, a tura, cikin mintuna ya isa, kuɗin turawa bai fi dala ɗaya ko biyu ba. Makaranta ba ta karɓarsa, sai Musbahu ya sayar a can ya karɓi rufi, kuɗin Indiya, ya biya. Ta ce amma abin ba ya komowa: in aka kuskure adireshi, ya tafi ke nan.

"To wa ka riƙe igiya?" in ji Makau.

"Manhajar, Baba. Ita ka riƙe dalar mai sayarwa. Sai mun biya, shi kuma ya ga kuɗi, sannan ta sakam muna."

Makau ya ji daɗi, ya ce ashe Nasara ma sun san dillanci. Suna cikin duba farashi, wani mai sayarwa ya rubuto lambarsa, ya ce in aka same shi ta WhatsApp zai rage. Sa'a ta ce kul, wannan tarko ne. Makau ya ce haka ne, haka ne, ido kuwa yana kan lambar. Kan da ke riƙe lissafin shanu ɗari, lamba goma sha ɗaya ce za ta gagare shi?

Kwana biyu yana ciniki da mutumin ta waya. Mutumin akwai ladabi: ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya ce shi ma ɗan dillali ne, ya ce manhajar nan cin mutane kawai take yi. Duk naira biyar da Makau ya taya, sai ya yi jim, ya ce, "Kai Alhaji, ka kashe ni, amma na sallama." A rayuwarsa Makau bai taɓa samun wanda ya sallama sau huɗu a jere ba. Mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa sai ya zagaya wani shagon POS, don kada Sa'a ta ci lada, ya tura kuɗin sa gaba ɗaya cikin asusun da aka ba shi.

Ya zauna jiran dala. Musbahu ya duba, babu. La'asar ta yi, babu. Da aka kira lambar, wata mata ta ce ba a samunta a halin yanzu, kuma har yau ba ta canza magana ba. An kai kuka banki, suka ce kuɗin tuni an kwashe su zuwa wasu asusu, za su bincika.

Ni na je yi masa jaje, don zumunci. Na same shi zaune bakin turken da babu sa.

"Makau, wa ya riƙa maka igiya?"

"Ke dai bari. Mutumen nan har addu'a ya yi man."

"Ai ta karɓu. Ya roƙi Allah ya kawo mai wawa, ga ka."

Saura kwana huɗu wata ya ƙare. Sai Hure ta tashi tsaye. Tana da saniya da maraƙi da ta gada wajen innarta, suna ruga hannun kawunta. Ta aika aka koro su, ta ba wani dillali, ba mijinta ba, kuma a gabansa aka yi cinikin yana kallo kamar baƙo. Kuɗin ta raba biyu. Rabi ta kai wa Sa'a, ta tsaya a kanta har aka saya cikin manhaja, aka tura dala goma gwaji, Musbahu ya ce ya gani, sannan aka tura saura. Rabi kuwa ta ce Makau ya kai Sakkwato, don ita ba ta zuba ƙwanta duka a kwando guda, kuma Alhaji Dalhatu ko ba komai an san ƙofar gidansa.

Na Sa'a ya isa kafin Makau ya samu mota. Na Alhaji sai washegari, ya kuma fi tsada, bayan Makau ya sha zama a benci ana gaisawa da kowa ban da shi. Musbahu ya haɗa ya biya ana saura kwana ɗaya a rufe, ya shiga jarrabawa.

Da Makau ya dawo, ya tsaya tsakar gida ya ce wa Hure zai biya ta, in ta yarda a yi wa saniyar kuɗi na 'yan uwa, tunda ta fara tsufa.

Hure ta ci gaba da tankaɗe. Ta ce, "Saniya da maraƙi, Makau. Da ƙahwahunsu. Ka kawo su gida in gani."