Agogo da Tsintsiyar Hannuna

Aikin nas ba ya yiwuwa sai da agogo mai hannun sakan, don da shi ake ƙirga bugun jinin majinyaci. Lokacin da aka dawo da ni asibitin Dutse, bayan an ba mu jiha, wani farin agogo nake ɗaurawa, wanda maigidana ya sayo mini a Kano. An rubuta a bayansa cewa ƙarfe ne marar tsatsa, kuma bai yi tsatsar ba. Amma da bazara ta shigo sai ƙaiƙayi ya kama tsintsiyar hannuna, wurin ya yi ja, ƙananan ƙuraje suka fito daidai zagayen gindin agogon. Ga zufa, ga wanke hannu ba iyaka, ga alwala.

Surukata ta ce makero ne, ta aiko da garin magani. Likitanmu kuwa kallo ɗaya ya yi, ya ce jikina ne ba ya shiri da nikel, wani ƙarfe da ake gaurayawa a cikin ƙarfen agogo, zufa kuma ita ke fito da shi. Ya rubuta mini man shafawa, ya ce in ajiye agogon. Na koma maƙala shi a gaban riga da fil. Hakan ya yi mini shekaru, har zamanin shari'a, da muka ƙara tsawon hijabin aiki, ya zama sai na yaye kafin in ga lokaci. Sai na mayar da shi hannu, ƙurajen suka dawo.

Wata safiya aka kawo wata dattijuwa daga Aujara, numfashinta yana sama-sama. Na miƙa hannu zan kama nata, ta ga tsintsiyata, ta janye.

"'Yar nan, ki fara warkar da kanki tukuna," in ji ta.

Na yi mata bayani cewa ba a ɗauka, ba ta yarda ba, sai wata nas na kira. Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar Asabar muka je da maigidana wurin wani Alhaji mai shagon agoguna, wanda ke saro kaya daga Jidda. Ya juya nawa, ya ce ƙarfe marar tsatsa ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai lamba 304, irin na cokula da tukwane, akwai 316L, wanda ya fi jure gishirin zufa. Shi ma akwai nikel a cikinsa, sai dai ya fi riƙe shi, yawancin mutane ba ya taɓa su. Amma ya ce ba zai rantse mini ba, tunda fatata ta riga ta saba da fushi.

Ya ɗauko wani baƙi mai sheƙi, ya ce tangaran ne, ba irin na kwanuka ba, wanda aka gasa ya yi tauri. Ya goga masa ɗan makulli, ya share da yatsa, ko alama babu. Babu nikel a jikinsa, kuma ya ɗan fi na ƙarfe rashin nauyi. Zuciyata ta kwanta da shi. Maigidana ne ya tambaya ko akwai aibu. Alhaji ya buɗe aljihun teburinsa ya fito da irinsa, kunnen da maɗauri ke kamawa ya ɓalle. Ya ce na wata Hajiya ne a Takur, ta cire za ta yi alwala ya faɗo kan siminti. Ƙarfe lotsawa yake yi, wannan kuwa fashewa, kuma ba a ɗinke shi. Na tuna daɓen ɗakin majinyata shi ma siminti ne, na mayar masa.

Na ƙarshe launin toka ne, ba ƙyalli, kamar an daɗe ana amfani da shi. Taitaniyam, in ji Alhaji. Da ya ɗora mini a tafin hannu na ɗauka ba inji a ciki, don kusan rabin nauyin nawa ne. Na ce ya yi kama da na wasan yara.

"Hajiya, ba zai burge kowa a gidan biki ba, kuma zai kwarzane. Amma ki duba bayansa da maƙullinsa, duk abu ɗaya ne, ba nikel."

Shi na ɗauka, ba don ina sonsa ba. Sati bai cika ba ƙarfen gado ya ja masa layi a gefe, kafin damina ya cika da ƙarce. Ƙurajen suka bushe, baƙin tabon ya ɗauki watanni kafin ya washe. Ƙawayena a wurin aiki suna tsokanata wai na sayo agogon gwangwani, sai wata ƙaramar nas da 'yan kunne ke kumbura wa kunne ta zo tana tambayata sunan ƙarfen a asirce. Da na bar aiki na ba 'yata ta biyu agogon, don ta gado fatata. Ta sa an canza masa batir, ta ce ba za ta sa a goge shi ba.